Yadda ake tuna wa abokin hulɗa sabunta kwantiragi kafin wa'adi ya cika

Tun da na yi maganar kwantiragin shekara, masu aikin hannu da masu ƙananan kamfanoni suke ta tambayata abu ɗaya: in wa'adi ya kusa, ta yaya mutum zai tuna wa wanda yake yi wa aiki ba tare da ya zama kamar mai roƙo ba? Wasu masu gadi suke kaiwa, wasu shara, wasu gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Ni aikina kula da sola da janareta ne a nan Maradi, don haka da shi zan yi misali, da wani asibiti mai zaman kansa da nake yi wa aiki a unguwar Zariya. Kwantiraginmu na shekara guda ne, daga 1 ga Afrilu zuwa 31 ga Maris, jika 60 a wata, wato sefa 720,000 a shekara. Kowa sai ya cire nawa ya sa nasa. Kwangilar gwamnati ba ta cikin wannan bayani, tana da nata ƙa'idojin daban.

Kayan aikin ba su da yawa: takardar kwantiragin da kuka sa wa hannu, littafin da kake rubuta ayyukan da ka yi, rasitan biya, kalanda, da wayarka. Kuɗin da zai fita bai wuce na buga takarda, man babur na zuwa biyu ko uku, da katin waya ba. Ni ban taɓa kashe fiye da jika 5 a kan wannan ba.

1. Ɗauko takardar ka karanta, kada ka dogara da abin da kake tunawa

Nemi sakin layin da ke maganar tsawon lokaci da yadda ake rabuwa. Galibi yana kusa da ƙarshe, kafin wurin sa hannu. In da Faransanci aka rubuta kuma bai zauna maka ba, ka kai wa wanda ya iya ya karanta maka kalma bayan kalma, ba a taƙaice ba.

Abin da za ka tarar ɗaya ne cikin uku. Ko dai kwantiragin ya mutu da kansa ranar da wa'adi ya cika. Ko kuma an ce ana iya sabuntawa amma sai an sake rubutawa an sa hannu. Ko kuma, wanda ya fi ruɗa mutane, an ce zai sabunta kansa na wata shekarar in babu wanda ya rubuta ya ce a'a kafin kwana kaza. Wannan "kwana kaza" shi ne wa'adin sanarwa, yakan zama kwana 30, ko 60, ko wata uku. Namu da asibitin irin na ukun ne, da wa'adin kwana 60.

Hattara: in naka irin na ukun ne, zuciya za ta raya maka ka yi shiru, ai zai sabunta kansa. Zai sabunta, amma da tsohon farashi da tsofaffin sharuɗɗa. Na taɓa yin haka da wata makaranta, na zo da maganar ƙarin kuɗi saura mako biyu, darakta ya ɗauko takarda ya nuna mini layin da yatsa. Haka na yi shekara cur a tsohon kuɗi, alhali kayan da nake sayowa daga Kano sun tashi. Kuma ko da ba ƙari kake so ba, mutumin da ya farka ya ga an ɗaure shi da wata shekarar bai sani ba, ba ya mantawa. Shekara mai zuwa shi zai riga ka rubuta takardar rabuwa.

2. Yi lissafi da baya-baya

Ranar da za ka sa wa ido ita ce ranar ƙarshe ta sanarwa, ba ranar ƙarewar kwantiragi ba. Daga 31 ga Maris in ka koma baya kwana 60, ka faɗa 30 ga Janairu, sai a shekarar da Fabrairu ke da kwana 29, nan 31 ga Janairu ne. Duk maganar da kake son yi dole ta isa a rubuce kafin wannan rana. Daga nan sai ka ƙara komawa baya kwana 30 don shiri, ka faɗa ƙarshen Disamba. Ka ga ke nan kwantiragin da zai ƙare a Maris, tun sanyi bai wuce ba ake fara aikinsa.

Ga yadda na tsara nawa: makon farko na Janairu tattara hujja da yanke farashi, wajen 10 ga wata ziyara, kafin 15 ga wata takarda ta isa, saura mako biyu na bibiya. Mai kwastomomi da yawa ya zuba su a teburin Excel. In ranar ƙarewa tana C2, kwanakin sanarwa suna D2, lissafi na farko a nan ƙasa ranar ƙarshe ta sanarwa ce, na biyu ranar fara shiri:

```
=C2-D2
=C2-D2-30
```

Wanda ba shi da kwamfuta ya rubuta ranakun biyu a bangon littafin aiki, ya sa ƙararrawa a waya.

Sai ka ɗora kalandar garinmu a kan wannan lissafi. In ranakun sun faɗa cikin azumi, ka fara da wuri, don goman ƙarshe wani Alhajin yana Umra, wanda yake gari ma ba ya son dogon zance da la'asar. Haka lokacin aikin Hajji. Makarantu a watan Oktoba suke komawa, kuɗi kuma lokacin suke shiga hannunsu, amma shawarar wa za a riƙe wa za a sallama tun cikin hutu ake yin ta. Ƙungiyoyin agaji yawanci shekarar kuɗinsu a Disamba take rufewa, kuma kasafin shekara mai zuwa kafin nan ake rubuta shi. In sunanka bai shiga kasafi ba, ko suna ƙaunarka babu inda za su ciro kuɗin.

3. Gane wanda maganar take hannunsa

Wanda kuke gaisawa kullum ba lalle shi ke sa hannu ba. A asibitin nan mutum uku ne. Akwai ma'aikaciyar jinya da ke kula da firjin allurai, ita ce ke kirana in wuta ta yi gardama. Akwai akanta da ke biyana. Sai Likita mai asibitin, wanda a shekara bai fi sau huɗu muke zama ba, shi ne kuma mai sa hannu. Ta farko ita ta san amfanina, na biyu shi ya san tsadata, na ukun kuma abin da waɗannan biyun suka gaya masa da shi zai yi aiki.

Saboda haka kafin in ga Likita sai na tambayi biyun nan abin da ke damunsu da aikina. Akanta ya ce takardar neman biya tana zuwa masa a makare, wani lokaci sai 10 ga wata. Ban taɓa sanin abin yana ɓata masa lissafi ba. Gara na ji daga bakinsa a ofishinsa, da in ji a gaban mai gida.

Hattara: in an canza darakta ko akanta cikin shekara, ka ɗauka daga farko za ka fara. Sabon zuwa bai ga daren da ka zo ƙarfe biyu ba, abin da ya gani kawai kuɗi ne ke fita duk wata, kuma wataƙila yana da nasa mai gyaran.

4. Ciro dalilan ci gaba daga littafin aiki

Nan ne yawancinmu muke faɗuwa. Mutum ya zauna ya rubuta "muna da ƙwarewa, muna da gaskiya da riƙon amana, mun daɗe tare." Wanda yake neman ƙwace maka aikin shi ma abin da zai rubuta ke nan, har ya fi ka iya tsara shi. Abin da ba shi da shi shi ne tarihin wannan gidan. Kai kaɗai ka san ranar da aka yi kaza, da abin da zai faru da ba a yi ba.

Aikin kulawa yana da wata matsala: in ka yi shi da kyau, ba a ganinsa. Wuta ba ta yanke a ɗakin haihuwa ba, firji bai ɗumama ba, sai mai gida ya fara tunanin me ma yake biya. Littafin aiki ne ke mayar da abin da bai faru ba ya zama abin da ake iya nunawa.

Ga abin da na ciro na wata tara, Afrilu zuwa Disamba. Ziyarar ƙa'ida, sau biyu a wata, 18 aka yi alkawari, 18 aka yi. Kiran gaggawa 7, shida daga ciki na iso cikin awa biyu kamar yadda kwantiragi ya ce. Juyen man janareta sau uku, duk bayan awa 250 na aiki. Sai abu ɗaya babba: a watan Mayu, wajen gwajin batura takwas ɗin da ke riƙe da asibitin, na tarar ɗaya ya yi rauni, muka canza shi kaɗai. Batura in an jera su layi ɗaya, mai rauni yana wahalar da sauran, kuma in aka bar shi wata da watanni sai a wayi gari layin duka ya lalace. A farashin lokacin batir ɗaya jika 180 ne, takwas kuwa sefa 1,440,000, wato kuɗin kwantiragin shekara biyu.

Daga cikin waɗannan ka zaɓi uku, kada su wuce. Ni ga yadda nake zaɓa: ɗaya na abin da ya riga ya faru, ɗaya na abin da ke tafe, ɗaya na abin da mai gida zai yi asara in ya canza hannu. Na farko shi ne batirin nan. Na biyu lokaci ne: kwantiragin zai ƙare a bakin bazara, Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke cin batura, ruwansu ke saurin ƙonewa, NIGELEC kuma ta fi ɗauke wuta. Ba lokacin da asibiti zai zauna ba mai kulawa ba ne. Na uku, sabon mai gyara sai ya yi makonni kafin ya san wace waya ta bi ta ina, wane batir ne tsoho, wane sabo, ni kuwa ina da ma'aunin kowane batir wata bayan wata.

Akwai wani lissafi da mutane ke son yi: "da kira-kira kake yi, da ka biya kaza." Na gwada shi. Ziyara 18 a jika 20, da gaggawa 7 a jika 30, ya kama sefa 570,000, shi kuma a wata tara ya biya 540,000. Ratar jika 30 ce kawai, kuma akanta mai wayo zai ce maka ai da ba kwantiragi ba, da ba mu kira ka sau 18 ba. Gaskiyarsa. Na ajiye wannan lissafin ban sa shi ba. In dalili mai rauni ya shiga cikin masu ƙarfi, shi za a kama a yi ta ja, a mance da sauran.

Hattara: kada ka ɓoye inda ka gaza. Kira na bakwai ina Tasawa, sai bayan awa biyar na iso, suka kwana rabin dare a kan janareta. Sun sani, ba su manta ba. Ni na fara faɗa da bakina, tare da abin da na yi a kai: yanzu in zan bar gari akwai yaron aikina da ke riƙe da waya ta biyu. Kuma kada ka zagi abokin sana'a don ka ɗaga kanka. Maradi ba ta da girman da magana za ta ɓace, wataƙila wanda kake kushewa surukin mai gidan ne.

Wanda bai riƙe littafi ba bana, ya koma cikin saƙonnin WhatsApp da tarihin kira da rasitai, zai iya tono rabin abin. Daga gobe kuma ya sayi littafi, duk ziyara a rubuta rana da abin da aka yi, wani ma'aikacin gidan ya sa hannu.

5. Yanke farashi kafin ka buɗe baki

Kada ka je ka ce "kaya sun yi tsada, a duba mana." Ka je da adadi da dalilinsa. Ni na duba abin da nake kashewa a kan wannan aiki: ruwan batir, mai da matatar janareta, man babur, albashin yaro. Kayan da ke shigowa ta Ɗan Isa da naira ake sayensu, farashinsu yana bin canji da halin da hanya take ciki. Na tsaya a kan jika 66 a wata, ƙarin kashi 10 cikin 100, wato sefa 792,000 a shekara. Na kuma shirya zaɓi na biyu: in sun yarda da shekara biyu, jika 63 a wata ba canji har ƙarshe. A raina na san ƙasa da 63 ba zan sauka ba, sai dai a rage aiki.

Zaɓi biyu sun isa. Amfaninsu shi ne zance ya tashi daga "mu ci gaba ko mu bari" ya koma "wanne za mu ɗauka."

Hattara: ka fayyace ko da haraji ne ko babu. TVA a Nijar kashi 19 cikin 100 ce, jika 66 in an ɗora ta ta zama sefa 78,540. In kana cikin masu karɓar TVA, rubuta adadin biyu. In ba ka ciki, kada ka ɗora. Rigimar jika 12 da ɗoriya duk wata ta isa ta ɓata hulɗa.

6. Fara da ƙafa, takarda ta biyo baya

A nan garin, takarda da ta faɗo ba sallama tana kama da sammaci. Ka nemi lokaci ka je da kanka. Ka guji Litinin da Juma'a in ɗan kasuwa ne, ranakun kasuwa ne, kuma ofisoshi da yawa suna tashi da wuri ranar Juma'a. Talata ko Laraba da hantsi sun fi. In za ka iya, ka haɗa da ranar ziyarar aiki, a gan ka da kayan aiki a hannu.

Bayan gaisuwa, ina gajiya, ina iyali, ina aiki, ga kusan abin da na faɗa:

"Likita, ranka ya daɗe, na zo ne kan takardarmu. Ƙarshen Maris za ta cika shekara, kuma a rubuce an ce in akwai magana a yi ta kafin 30 ga wannan watan. Na ce gara in zo da wuri ka samu lokacin dubawa. Kafin in ce komai, akwai inda aikinmu bai yi muku ba?"

Daga nan sai ka yi shiru ka saurara. Abin da zai faɗa a nan shi ne ainihin abin da zai sa ya sabunta ko ya fasa. Likita ya ce, "Malam, aikinka ba laifi, sai dai daren nan." Na ce haka ne, na faɗi gyaran da na yi, sannan na kawo dalilan nan uku a taƙaice, na ambaci farashi, na ce gobe ko jibi zan kawo a rubuce. Minti goma sha biyar ya isa. Kada ka nemi amsa a wurin, mutum in aka matsa masa a zaune, "sai na yi shawara" zai ce, kuma daga nan kunya ta hana shi ɗaukar wayarka.

Hattara: in suna da bashinka, kada ka haɗa shi da wannan zama. Bashi da akanta ake yinsa, a wata rana, da tasa takardar. In ka cakuɗa su, za a ji kamar kana cewa a biya ka ko ka tafi. Amma kai ma ka tambayi kanka: wanda yake riƙe maka wata huɗu, sabuntawar alheri ce gare ka? In za a ci gaba, sai sabuwar takarda ta faɗi ranar biya.

7. Rubuta takardar, shafi ɗaya

Abin da za ta ƙunsa a jere: wane kwantiragi, yaushe zai ƙare, ranar ƙarshe ta amsa, dalilai, tayin farashi, da abu ɗaya tak da kake so ya yi. Ofisoshi da Faransanci suke ajiye takarda, don haka ta fayil a rubuta ta da shi. Ga ma'anar tawa da Hausa:

"Zuwa ga shugaban asibiti. Bayan gaisuwa da fatan alheri. Muna tunatar da ku cewa kwantiragin kula da sola da janareta da muka sa wa hannu, wanda ya fara aiki 1 ga Afrilu, zai cika ranar 31 ga Maris. Bisa sakin layi na 8, duk canjin da ake so sai an sanar kafin 30 ga Janairu.

Daga Afrilu zuwa Disamba mun yi ziyara 18 cikin 18, mun amsa kiran gaggawa 7, shida cikin awa biyu. Na daren da muka makara, mun ƙara ma'aikaci da lambar waya ta biyu. A watan Mayu mun gano batir ɗaya mai rauni aka canza shi kafin ya shafi sauran bakwai. Wa'adin zai cika ne daf da watannin zafi, lokacin da batura suka fi bukatar kulawa.

Muna son mu ci gaba da aiki tare, amma ba bisa tsohon farashi ba. Ga tayinmu: shekara ɗaya a sefa 66,000 a wata, ko shekara biyu a sefa 63,000 a wata, ban da haraji. Takardar neman biya za ta riƙa isowa kafin 3 ga kowane wata. Muna roƙon ku sanar da mu wanda kuka zaɓa kafin 25 ga Janairu, domin mu kawo takardar sa hannu."

Ka lura na sa 25, ba 30 ba. Kwana biyar ɗin nan na tsaro ne. Ka kuma lura da jimlar "ba bisa tsohon farashi ba." Ita ce ke hana a ce ka yi shiru kwantiragi ya sabunta kansa. Sai dai ka san tana da kaifi biyu, tunda ka buɗe ƙofa, shi ma yana iya fita ta nan. Shi ya sa ba a rubuta ta sai an gama mataki na 4.

Buga kwafi biyu, ka haɗa da shafi ɗaya na jerin ziyarori. Ka kai da hannu, a karɓi ɗaya, a sa maka hannu da kwanan wata da hatimi, wato kashe kamar yadda muke cewa, a kan ɗayan ka dawo da shi. In kwantiragi ya faɗi hanyar da za a aika sanarwa, ita za ka bi. Bayan haka ka ɗauki hoton takardar ka tura ta WhatsApp. In Alhaji ne da ba ya son karatun takarda, ka bi ta da saƙon murya da bai wuce minti ɗaya ba.

Hattara: saƙon murya kaɗai ba hujja ba ce da za ka dogara da ita. Waya tana ɓata, saƙo yana gogewa, kuma "na ji, ba komai" ba ta nufin na yarda da jika 66.

8. Bibiya ba tare da ka zama ƙarfen ƙafa ba

Bayan kwana biyar ka kira akanta, ba mai gida ba, ka tambaya ko takarda ta isa teburin da ya kamata, ko akwai abin da ya rage. Sau da yawa abin da ke riƙe magana ƙarami ne, ana son kwafin NIF, wato lambar haraji, ko mai sa hannu ya yi tafiya Yamai. Saura kwana uku ga ranar da ka sa, ka tura wa mai gida gajeren saƙo. Kira biyu da saƙo ɗaya sun isa. In ka fi haka, ka nuna ba ka da wani aiki sai nasa, kuma farashinka zai fara sauka da kansa.

Amsoshin da za ka ji ba su da yawa. In ya ce ya yi tsada, kada ka rage kuɗi ka bar aiki yadda yake, sai ya ga da ma can kana cutarsa. Ka rage aiki tare da kuɗi: ziyara ɗaya a wata lokacin damina da ruwa ke wanke farantan sola, biyu lokacin hunturu da bazara da ƙura ke rufe su. In ya ce wani ya kawo tayi mai sauƙi, ka roƙi a jera tayin biyu a duba abin da ke ciki: akwai zuwan dare? Cikin awa nawa? Mai da matata a kan wa? Wani lokaci na wancan ya fi naka da gaske, sai ka san inda kake. In kuwa ya ce "in sha Allah za mu duba" sau biyu ba rana, akanta kuma ya fara kauce maka, to akwai wani a layi. Ka tambaya kai tsaye cikin ladabi, ka fara neman inda za ka cike gurbin.

Likita ya kira ni 22 ga Janairu. Ya ce shekara biyu ta yi masa nisa, 66 kuma ta yi yawa. Muka tsaya a shekara ɗaya, jika 64, da sharaɗin a rubuta lambar waya ta biyu a cikin takardar, kuma in na wuce awa biyu ban zo ba a cire jika 5 daga kuɗin watan. Na yarda, don na san sau ɗaya ta faru a wata tara.

9. Sa hannu kafin ranar, ba bayanta ba

In farashi da rana kaɗai suka canza, takardar ƙari mai shafi ɗaya ta wadatar: ta ambaci tsohon kwantiragi, ta faɗi sakin layin da aka canza, ta ce sauran suna nan yadda suke. In aikin kansa ya canza, misali an ƙara gini ko janareta na biyu, a rubuta sabo gaba ɗaya. Kwafi biyu, kowa ya sa hannu a kowane shafi, kowa ya riƙe ɗaya. Ka duba sabon wa'adi ya fara washegarin ƙarewar tsoho, 1 ga Afrilu, kada a bar rata ko ta kwana ɗaya.

Hattara: in kwantiraginka irin mai mutuwa da kansa ne, ko ka riga ka rubuta cewa ba ka yarda da tsohon farashi ba, kuma rana ta zo ba a sa hannu ba, kada ka ci gaba da aiki a kan "ai mun saba." In inbata ta ƙone cikin waɗannan kwanaki, za a yi ta jan wa ke da alhaki, akanta kuma yana iya cewa ba shi da takardar da zai fitar da kuɗi a kanta. In suna bukatar lokaci, a rubuta layi uku na tsawaita wata ɗaya, da farashinsa, a sa hannu.

In amsar a'a ce, ka yi aikinka cikakke har ranar ƙarshe, ka miƙa makullai da kwafin ma'aunin batura, a rubuta halin da ka bar kowace na'ura a ciki, ku sa hannu ku biyu. Wannan takarda ce za ta kare ka in wani abu ya lalace a hannun wanda ya gaje ka. Ka bar musu lambarka, ka gaya musu farashin kira ɗaya-ɗaya.

In kuma an sa hannu, kafin ka ajiye takardar a fayil ka buɗe kalanda ka rubuta ranaku biyu na zagaye mai zuwa, 31 ga Disamba da 30 ga Janairu, ka buɗe sabon shafi a littafin aiki da kwanan 1 ga Afrilu.